Sabon Aboki a Waya Ya Fara Zancen Kuɗi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Damfarar "Biya Kafin Ka Karɓa"

Mece ce wannan damfara, kuma me ya bambanta ta da roƙo ko bashi?

Mai roƙo yana cewa ka ba shi, mai neman bashi yana cewa ka ranta masa. Wannan kuwa cewa yake yi shi ne zai ba ka, sai dai akwai wani ɗan abu da ya tare hanya, wanda sai ka biya kafin alherin ya iso hannunka. Alherin yana iya zama ƙunshin kaya daga Turai, ko kuɗin gina masallaci da rijiya, ko biza da aiki, ko aure. Abin da ya tare hanyar kuwa kullum kuɗi ne: na sufuri, na ƴan duwan, na tara, na wata takarda. A Najeriya ana kiran masu wannan aiki ƴan 419, daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka ta ƙasar, wanda ya yi magana kan karɓar dukiyar mutum da yaudara. Ƴan ci-ranin Tawa da suka zauna Abijan sun san su da sunan burutar.

Labarin yana canjawa daga mutum zuwa mutum, amma ginin ɗaya ne. Babban abu yana nesa, ba ka taɓa shi ba, ƙaramin abu kuma yana fita daga aljihunka yau. Duk hirar da ta kai ga wannan siffa, ko da wata uku aka yi ana gaisawa lafiya, ta kai inda aka nufa da ita tun ranar farko.

Mun fi wata guda muna hira bai taɓa tambayata ko dala ba. Ashe wannan ba shaida ba ce cewa mutumin kirki ne?

Ba shaida ba ce. Wannan jiran shi ne jarin da ya zuba. Ya san in ya nemi kuɗi a satin farko za a toshe shi, don haka yake fara sayen amana da abin da ba ya cin masa komai: gaisuwar asuba, barka da Juma'a, tambayar jikin tsohuwa, yaya yara suka kwana da zafi. Kuma ba kai kaɗai yake yi wa haka ba. Saƙo ɗaya ne ake kwafa ana rarraba wa mutane da yawa, wanda ya amsa da zafi a ci gaba da shi.

A cikin wannan lokaci yana auna ka. Duba hirarku daga farko, za ka ga tambayoyin da suka yi kama da kulawa: wane aiki kake yi, ranar nawa albashi ke shiga, kana da ɗan'uwa a waje mai aiko da kuɗi, gidan naka ne ko haya, wa kake shawara da shi. Amsoshin nan su ne suke gaya masa nawa zai nema da kuma ranar da zai nema. Shi ya sa buƙatar takan faɗo daidai ƙarshen wata, ko satin da kika ambata cewa ke ce za ki kwashi adashe.

Yaya abin yake tafiya, mataki bayan mataki?

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Adadin kuɗin namu ne don a ga yadda tsanin yake hawa, amma jerin matakan haka suke zuwa.

Wani malamin makaranta a Tawa ya samu neman abota a Facebook daga wata mata da ta ce Baturiya ce, mijinta ya rasu, ba ta daɗe da musulunta ba. Kwana biyu da fara magana ta ce su koma WhatsApp. Dalilin komawar shi ne shafukan ƙarya ba sa daɗewa kafin a rufe su, kuma tana so ko an rufe igiyar ta rage a hannunta. Sati uku ana hira: tana tambayar yadda ake alwala, tana turo hoton abincinta, tana kiransa malamina. Ranar da ya ambaci cewa ƙauyensu mata na tafiya mai nisa neman ruwa, sai ta ce ta daɗe tana neman amintaccen mutum da za ta ba amanar gina rijiya.

A sati na huɗu aka yi gwajin farko. Ta ce katinta na banki ya toshe, kuma akwai wani yaro maraya da take taimako a wata ƙasa ta kusa, ko malam zai tura masa jaka 5 ta mayar gobe. Jaka 5 ba ta kashe kowa, ya tura. Ba kuɗin take so ba, so take ta san ko yana turawa, ta wace hanya, kuma cikin awa nawa. Wani lokaci har mayar da wannan kuɗin farko ake yi, da ɗan ƙari, don a ɗaure amana.

Sai ta turo hoton akwati a buɗe: salula biyu, kwamfuta, tufafin yara, da wata ambulan. Ta ce a cikin ambulan akwai Yuro 20,000 na rijiya, ta ɓoye a ƙarƙashin tufafi, kada ya gaya wa kowa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka kuɗin sun haura miliyan 13. Ta karɓi cikakken sunansa, lambarsa da hoton katinsa na ɗan ƙasa, ta turo takardar aike mai tambari da sunansa a kai.

Kwana uku bayan haka wata sabuwar lamba ta kira. Wani ne da ya ce wakilin kamfanin sufuri ne, kaya sun sauka a filin jirgin Diori Hamani a Yamai, a biya jaka 45 na kai wa Tawa. Aka biya. Washegari ya ce ƴan duwan sun riƙe kaya, jaka 150. Aka biya, da rance. Rana ta uku muryarsa ta canja: na'ura ta gano kuɗi a cikin akwati, wannan laifi ne, sunan malam ne a kan kaya, ko ya biya tarar jaka 400 kafin ƙarfe huɗu ko a miƙa takardunsa ga jandarma. Ita kuma Baturiyar tana kuka a saƙo, tana cewa duk abin da ta mallaka ne a ciki, ya taimaka ya cire abin da ya kashe in akwati ya iso. Ya sayar da babur ya biya. Zuwa nan jaka 600 sun tafi. Sai aka ce saura abu ɗaya tak: takardar shaidar cewa kuɗin ba na ta'addanci ba ne, jaka 750.

A lura da abubuwa uku. Bayan kuɗin sufuri, kowane kuɗi ya ninka wanda aka biya kafinsa kusan sau uku, ko ya kusa ninki biyu in an ga mutum ya fara gajiya. Kowane kuɗi an kira shi na ƙarshe. Sannan a tsakiyar tafiya an sauya abin da ke jan mutum: da farko kwaɗayin alheri ne, daga baya tsoron kamu. Babu akwati, babu wakili, kuma sau da yawa Baturiyar da wakilin mutum ɗaya ne da waya biyu.

Wane gwaji ne mafi sauƙi da zan yi masa a cikin hirar?

Ka ce a cire kuɗin daga cikin abin da za a ba ka. In Yuro 20,000 ne a akwati, a buɗe a ɗauki na tara. In ita ce mai aikowa, ta biya kamfanin daga can, tunda kamfanonin sufuri na gaske suna karɓar kuɗin aike daga mai aikowa. Amsar da za ta dawo kullum uzuri ce: an rufe akwati da doka, tana cikin jirgin ruwa, asusunta a daskare yake sai ta dawo gida. Wanda ke da miliyan 13 na bayarwa amma ya rasa hanyar biyan jaka 45, ba shi da miliyan 13.

Gwaji na biyu shi ne jinkiri. Ka ce sai bayan sati ɗaya, kuma za ka aika ƙaninka da ke Yamai ya je filin jirgi da kansa ya ga kayan ya biya a can. Mai kaya na gaske zai yi murna da wannan. Ɗan damfara zai tashi hankali: ba a barin kowa shiga, kuɗin ajiya na ƙaruwa kowace rana, ai na ce kada ka gaya wa kowa.

Ya turo mini hotunansa, har da fasfo da takardar aike. Duk ƙarya ne?

Hoto ba ya tabbatar da komai, domin daga shafin wani bawan Allah aka kwaso shi. Ka saka hoton a Google Lens, manhajar Google mai bincike da hoto, ka nemi inda ya taɓa fitowa. In ya fito da wani suna daban, magana ta ƙare. In bai fito ba, wannan bai wanke shi ba, don ba kowane hoto ake samu ba. Fasfo da takardar aike kuwa aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya gyaran hoto.

Abin da ya fi hoto amfani shi ne lambar bin sawun kaya. In ta gidan waya aka ce an aiko, lambar ƙasa da ƙasa tana da gurbi 13: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da kaya suka fito, kamar FR na Faransa ko GB na Birtaniya. Siffarta kamar haka take: `CP123456789FR`. In DHL Express aka ce, lambar takardar aikensu lambobi 10 ce. Amma kada ka duba ta ta mahaɗin da suka turo maka. Sukan gina shafin bin sawu na kansu, mai hoton jirgi da taswira, inda za ka ga sunanka da rubutun cewa an riƙe kaya a Yamai. Ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka, ko ka je Niger Poste ko ofishin kamfanin da lambar a takarda. Kamfanin da ba ka taɓa jin sunansa ba, ba shi da ofishi a Yamai da za a iya takawa a je, wakilinsa kuma yana rubuto wasiƙa daga adireshin Gmail, wannan ba kamfani ba ne.

Wani abu kuma da mutane ba su cika sani ba: manyan kamfanonin aike sun hana saka tsabar kuɗi a cikin kaya. Ɗan damfara ya san haka, shi ya sa yake saka ambulan a labarin. Ita ce za ta zama laifin da za a tsorata ka da shi a mataki na uku.

To kiran bidiyo fa?

Ka nema, kuma ka nema ba zato. Yawanci za a ce kyamara ta lalace, ko wurin aiki an hana. Wasu sukan ɗaga na ƴan daƙiƙu da bidiyon da aka riga aka ɗauka, ba sauti, sai a katse a ce hanyar sadarwa ce. Ka ce ya ambaci sunanka, ya ɗaga yatsu uku, ya juya wayar ka ga ɗakin. Sai dai ko ya ci wannan jarrabawa, fuska kawai ka gani. Akwai masu damfara da fuskarsu ta gaske, musamman masu alkawarin aure ko biza.

Lambarsa ta Turai ce, tana farawa da +44. Ba ya nuna can yake ba?

Ana sayen lambar wata ƙasa ta intanet a buɗe WhatsApp da ita daga ko'ina. Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce wadda aka ce ka tura kuɗi a kanta. Ka dubi farkonta: +227 tamu ce ta Nijar, +229 Benin, +228 Togo, +225 Kodebuwa, +233 Gana, +234 Najeriya. Ka tambayi kanka me ya haɗa kayan da ke filin jirgin Yamai da wata lamba a Kwatano. Ko da lambar ta Nijar ce, ka dubi sunan mai karɓa. In wakili ya ce sunansa kaza, amma aka ba ka sunan wani ka tura ta Nita, ko Amana, ko Airtel Money, kuma a biya na gaba aka ba ka wani suna daban, to ana canja masu karɓa ne don kada a bi sawu. Waɗannan hanyoyin tura kuɗi halal ne, da su muke aika wa iyaye na cefane. Abin da ya sa ɗan damfara ke son su shi ne sauri: cikin mintuna an cire kuɗi.

Kuɗin duwan na gaske ana biyansa ne a ofishin duwan, ko ta hannun mai fiton kaya da ke da lasisi, a ba ka takardar shaidar biya mai sunan hukuma. Ba a tura shi a lambar wani mutum, ba a cinikinsa a WhatsApp da dare, kuma ba a rage maka rabi don ka ce abin da kake da shi ke nan. Wannan ragin ma alama ce babba. Tarar da ta sauko daga jaka 400 zuwa jaka 250 saboda ka yi magiya ba tarar hukuma ba ce.

Waɗanne kalamai ne ya kamata su tsayar da ni?

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne "kada ka gaya wa kowa". Ana lulluɓe shi da abin da muka yarda da shi: hassada, bakin mutane, sadaka a ɓoye ta fi lada. Amfaninsa ɗaya ne, a raba ka da yayanka ko matarka ko abokin aikinka da zai saurari labarin minti biyu ya ce maka wannan ai damfara ce. Na biyu shi ne wa'adi: yau, kafin ƙarfe huɗu, kafin a rufe ofishi. Na uku shi ne juya tambaya ta zama laifi. Ka tambayi sunan kamfani, a ce ashe ba ka yarda da ni ba bayan duk abin da na yi maka, alhali in ka lissafa ba a yi maka komai ba sai alkawari.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke fitowa in an karanta hirar da sanyin rai. Soyayya ko ƴan'uwantaka ta yi sauri fiye da sanayya, sati ɗaya an kai ga "matata" ko "ɗan'uwana na jini". Wanda ya ce an haife shi a Faransa yana rubuta Faransanci irin na kasuwar Abijan. Ya ce yana Amurka amma lokacin barcinsa da tashinsa daidai da na Yamai. Ya manta sunan ɗiyarsa da ya faɗa a watan jiya. Rantsuwa da Allah da ayoyi kuma suna yawaita daidai lokacin da ake neman kuɗi, abin da ke ƙona rai, domin da imaninmu ake kama mu.

Na riga na tura sau biyu. In na tsaya yanzu ai na yi asarar abin da na zuba.

Wannan tunani shi ne injin da ke tuƙa dukan damfarar, kuma sun fi ka saninsa. Wanda ya tura jaka 200 yana ganin jaka 400 na gaba a matsayin hanyar ceto jaka 200 ɗinsa. Gaskiya mai ɗaci ita ce kuɗin farko sun tafi tun ranar da aka cire su, biya na gaba ba ya dawo da su, ƙari yake yi a kansu. Babu matakin ƙarshe. Bayan takardar ta'addanci akwai kuɗin lauya, bayan lauya akwai hatsarin mota da direban kaya ya yi a hanyar Dogonduci. Ana tsayawa ne kawai ranar da ka daina biya.

Barazanar kamu ma iska ce. Babu akwati, don haka babu laifin da ke kanka. Jami'in gaske ba ya kiran mutum a WhatsApp ya ce a tura kuɗi a lambar wani kafin la'asar don a fasa kama shi.

Me zan yi a yau ɗin nan?

Fara da kuɗin da ka tura na ƙarshe. Ka je ofishin da ka tura, ko ka kira su, da takardar shaidar turawa da katinka, ka ce damfara ce a tsayar. In ba a riga an cire ba akwai damar a riƙe su, kuma wannan dama ta mintuna ce ko awoyi, ba ta kwanaki ba. In an cire, dawowarsu da wuya, gara ka san haka tun yanzu.

Kada ka goge hirar, kuma kada ka gaya masa ka gane shi kafin ka adana shaida, don yana iya share saƙonninsa na baya-bayan nan ko ya rufe shafin. Ka ɗauki hoton allo na shafinsa, lambobin da suka kira ka, sunayen masu karɓa, da kowace takardar turawa mai kwanan wata da adadi. Ka rubuta jerin a takarda ɗaya: rana, nawa, ta wace hanya, ga wa. Sannan ka kai ƙara ofishin ƴan sanda ko jandarma mafi kusa. A Yamai ƴan sandan binciken manyan laifuka, PJ, suna da sashen laifukan intanet, kuma Nijar tana da doka kan waɗannan laifuka tun 2019, doka mai lamba 2019-33. Sunan mai karɓa shi ne zaren da masu bincike suka fi iya ja, domin ana nuna katin shaida wajen cire kuɗi ko wajen rajistar layi. Bayan haka sai ka danna `Signaler` da `Bloquer`.

In ka tura hoton katinka na ɗan ƙasa, ka faɗi haka a cikin ƙarar, saboda ana iya amfani da shi a yaudari wani da sunanka. In an taɓa neman ka karanto wasu lambobi shida da suka shigo wayarka, wannan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Ka kunna `Vérification en deux étapes` yanzu, ka sanar da dangi kada su tura kuɗi ga duk saƙon da ya zo da sunanka.

Bai nemi kuɗina ba, cewa ya yi a turo kuɗi a lambata in tura wa wani, in ɗauki ladana. Akwai matsala?

Akwai, babba. Kuɗin da ke shigowa na wani ne da aka damfara, kai kuma ka zama sunan da ke kan takardar turawa. Ranar da mai kuɗin ya kai ƙara, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, shi kuwa abokin ba a san ko sunansa ba. Kada ka karɓa, in kuma sun riga sun shigo kada ka tura gaba, ka kai maganar ga ƴan sanda da hirar a hannunka.

Bayan na toshe shi, wani ya rubuto ya ce jami'i ne, sun kama ɓarayin, zai dawo mini da kuɗina.

Su ne dai suka dawo, ko wasu da aka sayar wa lambarka. Ya san adadin da ka rasa daidai saboda shi ya karɓa. Zai ce kuɗinka suna nan, sai dai a biya jaka 30 na buɗe fayil, wato an koma kan tsanin daga matakin farko. Wani lokaci kuma Baturiyar ce da kanta za ta dawo da sabuwar lamba, ta ce ita ma wakilin ya cuce ta, ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauya. In da gaske an kama wani a kan ƙararka, ofishin da ka kai ƙarar ne zai kira ka ka zo da ƙafarka, kuma kana iya komawa can ka tambaya da lambar da ta rubuto maka a hannu.

Mahaifiyata ce ke cikin wannan hali, kuma ba ta jin magana. Yaya zan yi?

Kada ka fara da cewa an yaudare ta, balle a gaban mutane. An riga an gaya mata cewa dangi za su yi hassada, don haka faɗanka yana tabbatar da maganarsa ne. Ka zauna da ita ku biyu, ka ce Inna, bari mu bi kayan nan tare don kada su ɓata. Ku rubuta abin da aka tura zuwa yau a takarda ku haɗa jimla, domin yawanci mutum bai taɓa haɗawa ba, ɗaya-ɗaya yake tunawa. Ku duba lambar kayan a ofishin kamfanin, ku saka hoton a Google Lens tana kallo, sannan ita da kanta ta rubuta masa cewa ɗanta zai je filin jirgi ya biya hannu da hannu. Ka kuma gaya mata tun kafin amsa ta zo abin da zai ce: ba a shiga wurin, lokaci ya ƙure, me ya sa ta gaya wa wani. In saƙon ya shigo da waɗannan kalmomi, ka bar ta ta karanta da kanta. A satin da ke biye ka riƙa leƙa ta kullum, don mutumin da ke gaishe ta safe da dare ya ɓace daga wayarta, kuma a cikin wannan kewa ne sabuwar lambarsa ke samun amsa.